Mutuwa 630 da mutuwa 101: yadda aka auna haɗarin sigari a zukatan likitocin Birtaniya

A shekarar 1951 masu binciken lafiya biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka aika wa likitocin da ke cikin rajistar likitocin Birtaniya gajeriyar takardar tambayoyi kan shan taba. Kimanin likitoci dubu 40 ne suka cike suka mayar, maza 34,439 daga cikinsu. Daga nan sai aka zauna jira. Duk likitan da ya rasu, ana neman takardar shaidar mutuwarsa a ga abin da aka rubuta ya yi ajalinsa. An fi sanin wannan bincike da abin da ya tabbatar game da sankarar huhu, amma akwai wani ɗan jadawali da ya fito daga bibiyar shekaru goman farko, aka wallafa shi a 1966, wanda ya shafi mace-macen da toshewar jijiyoyin jinin zuciya ta jawo. Layi goma ne kacal a cikinsa, kuma har yau da shi ake koya wa ɗaliban ƙididdiga yadda ake kwatanta ƙirge da ƙirge idan jama'ar da aka ƙirga a ciki ba girmansu ɗaya ba.

A cikin jadawalin, likitoci 630 masu shan sigari sun mutu da wannan ciwo, marasa sha kuwa 101. Wanda ya raba 630 da 101 zai samu 6.2, ya ce sigari na ninka haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Wannan amsa kuskure ce, kuma dalilin a fili yake. A Birtaniyar wancan lokaci masu shan taba su ne mafiya rinjaye a cikin likitoci maza. Inda mutane suka fi yawa, nan gawa za ta fi yawa, ko da sigarin ba ya yin komai. Saboda haka ba a iya cewa uffan kan 630 da 101 sai an san a cikin mutum nawa aka samu kowanne, kuma tsawon wane lokaci aka yi ana dubansu.

Ga jadawalin yadda ake shigar da shi a manhajar R. Rukunan shekarun haihuwa biyar ne, layuka biyar na farko na masu sha, biyar na ƙarshe na marasa sha:

```r
d <- data.frame(
  age    = factor(rep(c("35-44","45-54","55-64","65-74","75-84"), 2)),
  smoke  = rep(c(1, 0), each = 5),
  deaths = c(32, 104, 206, 186, 102,  2, 12, 28, 28, 31),
  pyears = c(52407, 43248, 28612, 12663, 5317,
             18790, 10673, 5710, 2585, 1462))
```

Layin ƙarshe, `pyears`, shi ne zuciyar maganar, don haka bari mu tsaya a kansa. Ba yawan likitoci ba ne. Jimillar shekarun da aka yi ana bibiyar likitoci ne alhali suna raye, wato lokacin da mutuwar za ta iya riskarsu a ƙirga ta. Zan riƙa kiransu shekarun bibiya. Likita ɗaya da aka bi shekara goma ya ba da shekarun bibiya goma. Likitoci goma da aka bi shekara ɗaya ɗaya su ma goma suka bayar.

A ce wani likita yana da shekara 41 daidai ranar da aka fara bibiyarsa, ya kuma rayu har ƙarshen shekaru goman. Shekarunsa huɗu na farko, daga 41 zuwa cikarsa 45, ana zuba su a akwatin 35 zuwa 44. Sauran shidan kuma akwatin 45 zuwa 54 za su shiga. Mutum ɗaya ne, amma ya ba da lokaci ga akwati biyu. Da a ce ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar da ya cika 48, akwatin farko zai samu shekara huɗu babu mutuwa, na biyu ya samu shekara uku da mutuwa ɗaya. Da kuma haɗarin mota ne ya kashe shi a wannan rana, shekarun nan bakwai suna nan yadda suke, sai dai ba za a rubuta mutuwa a layin ciwon zuciya ba, kuma daga ranar ya daina ba da lokaci. Haka aka bi kowane likita aka tara. Shi ya sa ƙirga kawunan mutane ba ya wadatarwa a irin wannan bincike: mutane suna tsufa a cikinsa, suna ƙaura daga rukuni zuwa rukuni, wasu suna fita tun ba a je ko'ina ba.

Idan aka tara, masu sha sun ba da shekarun bibiya 142,247, marasa sha 39,220. Yanzu rabawa ta yi ma'ana. Masu sha: mutuwa 4.43 a cikin kowaɗanne shekarun bibiya 1,000. Marasa sha: 2.58. Wannan lamba, mutuwa nawa a shekarun bibiya dubu, ita zan kira mizanin mutuwa. Mizanin masu sha ya ninka na marasa sha sau 1.72. Daga 6.2 mun sauko zuwa 1.72 ba tare da wata dabara ba illa rabawa da lokaci.

Amma 1.72 ma bai tsira ba. A duba inda shekarun bibiyar kowane ɓangare suka taru. Kusan kashi 48 cikin ɗari na lokacin marasa sha yana rukunin 35 zuwa 44, inda da wuya mutum ya mutu da ciwon zuciya. Na masu sha kashi 37 ne kawai a wannan rukuni. Wato a jimlace marasa sha sun fi ƙuruciya, kuma ƙuruciyar tana taya su rage mizani. Wani ɓangare na 1.72 na sigari ne, wani kuma na tsufa ne da ya laɓe a bayan sigari. Ana bukatar hanyar da za ta kwatanta mai sha da marar sha a cikin rukunin shekaru ɗaya, ta yi haka a duk rukunan biyar, sannan ta haɗa su ta fitar da amsa guda. Aikin rigireshan na Poisson ke nan, wanda ya samo sunansa daga masanin lissafin nan na Faransa, Siméon Denis Poisson.

Tunanin da ke ƙarƙashinsa gajere ne. Yawan mutuwar da ake sa ran gani a kowane akwati shi ne mizanin mutuwa na akwatin sau shekarun bibiyarsa. Mizanin muke son bayyanawa da sigari da shekarun haihuwa, amma abin da ke hannunmu ƙirge ne. Sai a ɗauki logaridim na ɓangarorin biyu, domin logaridim yana mayar da ninkawa ta koma tarawa:

```
E(deaths)      = rate * pyears
log(E(deaths)) = log(pyears) + b0 + b1*smoke + b2[age]
```

A duba layi na biyu da kyau. Sigari yana da lambarsa, `b1`, wadda kwamfuta za ta lalubo daga bayanai. Kowane rukunin shekaru ma yana da tasa. Amma `log(pyears)` babu wata lamba a gabansa da za a nema. An ɗaure ta a kan ɗaya tun kafin a fara. Irin wannan abu, da ake sakawa cikin lissafi ba tare da an bar kwamfuta ta ƙiyasta nauyinsa ba, shi ake kira `offset`. Ɗaure ta a kan ɗaya kuma magana ce da mai bincike ya faɗa da bakinsa: idan lokacin bibiya ya ninka biyu, sauran abubuwa suna nan yadda suke, mutuwar da ake sa rai ma za ta ninka biyu.

```r
m1 <- glm(deaths ~ smoke + age + offset(log(pyears)),
          family = poisson, data = d)
exp(coef(m1))
```

Abin da ke fitowa shi ne, lambar sigari 0.355 ce, wadda idan aka kwance ta daga logaridim take zama 1.43. A tsakanin likitoci 'yan rukunin shekaru ɗaya, mizanin mutuwar mai sha ya fi na marar sha da kashi 43 cikin ɗari. Tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakokin da ake sa ran ainihin ninkin yana tsakaninsu, ta kama daga 1.15 zuwa 1.76, ba ta taɓa ɗaya ba, lambar da ke nufin babu bambanci. Tsufa kuwa ƙarfinsa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Idan aka ɗauki 'yan 35 zuwa 44 a matsayin ma'auni, 'yan 45 zuwa 54 sun ninka su sau 4.4, 'yan 55 zuwa 64 sau 13.8, 'yan 65 zuwa 74 sau 28.5, mafiya tsufa kuma sau 40.5. Da ganin waɗannan lambobi za a gane me ya sa ɗan bambancin ƙuruciya tsakanin ɓangarorin biyu ya isa ya ɗaga 1.43 ya kai shi 1.72.

Yana da kyau mutum ya gwada cire `offset` ɗin sau ɗaya ya gani da idonsa, domin kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta ba da jadawali tsaf, da lambobi masu kyawun gani. Lambar sigari za ta koma 6.2 ɗin nan da muka yi watsi da ita. Lambobin shekaru kuma za su bi jimillar mace-macen kowane rukuni, wato 34, 116, 234, 214, 133, su nuna wai haɗari yana hawa har shekara 64 sannan ya juya ƙasa, wai dattijo ɗan 80 bai kai ɗan 60 shiga haɗari ba. Gaskiyar ita ce dattawan kaɗan ne suka rage a raye, shekarun bibiyarsu 6,779 ne kacal idan aka haɗa masu sha da marasa sha, a kan 34,322 na 'yan 55 zuwa 64. Wannan ita ce alamar da na fi dogara da ita wajen gane an manta da `offset`: sakamakon yana bin girman rukunai sau da ƙafa, duk inda jama'a ta fi yawa nan ne wai haɗari ya fi yawa.

Akwai tambayar da ɗalibai kan yi a nan, kuma tambaya ce mai ma'ana. Tunda mizani muke so, me zai hana mu raba da kanmu, mu fitar da mizanin kowane akwati, mu miƙa wa kwamfuta shi kai tsaye? Abin da ke hanawa shi ne rabawa tana ɓatar da labarin yawan shaida. A ɗauki dattawa marasa sha: mutuwa 31 a shekarun bibiya 1,462. Idan aka mayar da wannan zuwa mizani a kan 100,000 zai zama 2,120. Aka miƙa 2,120 ga tsarin Poisson, zai ɗauka gawa 2,120 aka ƙirga. A tsarin Poisson, rashin tabbacin ƙirge yana tafiya ne da ɗaya bisa tushen murabba'insa. Ga mutuwa 31, wannan kusan kashi 18 cikin ɗari ne. Ga 2,120, kashi 2 ne. Sai a samu tazarar amincewa 'yar siririya wadda ba ta da tushe, kuma sirantakarta ta dogara ne kawai ga ko mai lissafi ya zaɓi ya ninka da dubu ko da dubu ɗari. Da `offset`, ƙirgen yana nan a matsayinsa na ƙirge a ɓangaren hagu, lokacin yana ɓangaren dama, kwamfuta ta san akwatin da ke da mutuwa 206 ya fi wanda ke da mutuwa 2 nauyin magana.

Sauran kurakuran na hannu ne, ba sa bukatar dogon bayani. A R logaridim ɗin lokacin ake sakawa cikin `offset()`, ba lokacin tsurarsa ba. Wanda ya rubuta `offset(pyears)` zai ga lissafin ya ƙi tafiya ko ya fitar da lambobin da ba su yi kama da komai ba. A manhajar Stata kuma hanya biyu ce, `exposure(pyears)` yana ɗaukar logaridim da kansa, `offset()` kuwa yana jiran wanda aka riga aka ɗauka, kuma masu sauya manhaja suna yawan rikita su. Layin da lokacin bibiyarsa sifiri ne ba shi da logaridim, kuma ba shi da abin faɗa, sai a cire shi. Layin da mutuwarsa ce sifiri amma yana da lokaci, wannan shaida ce mai kyau, a bar shi. Sauya ma'aunin lokaci daga shekara ɗaya zuwa shekara dubu ba ya taɓa lambar sigari ko ta shekaru, `b0` kaɗai yake motsawa: a nan daga -7.92 zuwa -1.01, wato mutuwa 0.36 a shekarun bibiya dubu ga matashin likita marar sha.

Da yawa a nan suke tsayawa. Sun samu 1.43, tazarar ba ta taɓa ɗaya ba, sai rubuta rahoto. Ni kuwa ina ganin a nan ne aikin ya fara daɗi, domin jadawalin yana da sauran magana, kuma kwamfutar ma ta yi nuni da ita a ƙasan allo. Layin `Residual deviance`, ma'aunin yadda hasashen tsarin ya kauce wa abin da ya faru, yana nuna 12.13 a kan `4 degrees of freedom`. Layuka goma ne, an ƙiyasta lambobi shida, saura huɗu. Idan tsarin ya dace da bayanai, ana sa ran lambar ta kasance a kusa da huɗun nan. Ta ninka ta sau uku. Yiwuwar samun tazara irin wannan bisa katari kawai ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. Akwai abin da tsarin bai kama ba.

Hanyar gano shi ita ce a jera abin da tsarin ya hango kusa da abin da ya faru, da `fitted(m1)`. A matasa marasa sha, tsarin ya sa ran mutuwa 6.8, aka ga 2. A 'yan 45 zuwa 54 marasa sha ya sa ran 17.1, aka ga 12. A rukunai biyu na tsakiya ya yi daidai ƙwarai, 28.7 da 26.8 a inda aka ga 28 da 28. A dattawa marasa sha ya sa ran 21.5, aka ga 31. Kuskuren ba a warwatse yake ba. Ya fara da zarcewa a ƙuruciya, ya daidaita a tsakiya, ya ƙare da gazawa a tsufa. Kuskuren da ke tafiya a jere haka yana nufin an tilasta wa bayanai wata doka da ba tasu ba.

Dokar kuwa ita ce cewa ninkin sigari ɗaya ne a kowane rukunin shekaru. Mu muka saka ta lokacin da muka ba sigari lamba guda. A raba da hannu rukuni rukuni a gani. A 35 zuwa 44, mizanin masu sha 0.61 ne, na marasa sha 0.11, ninki 5.7. A 45 zuwa 54 ninkin 2.1 ne. Sai 1.5, sai 1.4. A 75 zuwa 84 mizanin masu sha 19.2, na marasa sha 21.2, ninki 0.9. Lambar nan 1.43 matsakaici ce da rukunan tsakiya suka ja zuwa wajensu saboda a nan mafi yawan mace-macen suke. Ta yi daidai ga ɗan shekara 60. Ga ɗan shekara 40 ta rage haɗarin ƙwarai, kuma shi ne mutumin da ya fi bukatar jin gaskiyar lamarin.

Akwai wata hanya mai sauƙi da hannu kan kai gare ta idan aka ga `deviance` ta yi yawa. Sai a ce bayanan sun fi abin da Poisson ya yarda da shi warwatsuwa, a sauya zuwa `family = quasipoisson`. Wannan yana barin 1.43 yadda yake, ya faɗaɗa rashin tabbacinsa. A nan ma'aunin warwatsuwar 2.8 ne, don haka kuskuren ƙiyasi zai ƙaru da tushen murabba'in 2.8, kusan sau 1.7, har tazarar ta sauko ta taɓa ɗaya. Mai karanta rahoton zai fita da tunanin cewa ba a ma tabbatar sigari na da illa ga zuciya ba. A wurare da yawa wannan gyara shi ne daidai, musamman inda abubuwan da ake ƙirgawa ke zuwa a dunƙule, kamar cuta mai yaɗuwa da ke kama gida guda gaba ɗaya. A wannan jadawali kuwa ba daidai ba ne, domin rarar ba hayaniya ba ce. Tana da fuska, mun kuma ga fuskar. Maganinta shi ne a bar tasirin sigari ya sauya da shekaru.

Hanya mai tsimi ita ce a ba rukunan lamba daga 1 zuwa 5, a bar shekaru su lanƙwasa, a kuma ƙara mahaɗa tsakanin sigari da shekaru:

```r
d$a <- as.numeric(d$age)
m2 <- glm(deaths ~ a + I(a^2) + smoke + smoke:a
          + offset(log(pyears)), family = poisson, data = d)
```

Lambobi biyar kawai wannan tsari ya ƙiyasta, ƙasa da na farko da ɗaya, amma `deviance` ta faɗo zuwa 1.64 a kan 5. Lambar sigari ta zama 1.44, ta mahaɗar kuma -0.31, ma'ana kowane tsallake na shekara goma yana zaftare kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ninkin. Ninkin da tsarin ya bayar shi ne 3.1 a rukunin farko, 2.3 a na biyu, 1.7, 1.2, sannan 0.9 a na ƙarshe.

Za a lura ya ba matasa 3.1 alhali rabawa da hannu ta ba da 5.7. Na fi yarda da 3.1, ga dalili. Lambar 5.7 tana tsaye ne a kan mutuwa biyu rak ta marasa sha. Da uku ne, da ninkin ya zama 3.8, da huɗu ne, 2.9. Shekarun bibiya 18,790 suna da yawa a ido, amma ƙarfin shaida a irin wannan lissafi daga yawan mace-macen yake zuwa, ba daga girman lokacin ba. Tazarar amincewar 5.7 ta kama daga wajen 1.4 har zuwa kusan 24. Abin da za a iya faɗa da ƙarfin zuciya shi ne haɗarin ya fi ɗaya. Girmansa kuwa rukunin shi kaɗai ba zai faɗa ba. Tsari na biyu yana aron ƙarfi daga rukunan da ke maƙwabtaka da shi, shi ya sa amsarsa ta fi natsuwa.

Haka nan kada a ɗauki 0.9 na dattawa a ce sigari na kare tsoho. Tazararsa daga 0.6 zuwa kusan 1.4 take, ɗaya yana tsakiyarta. Kuma akwai dalilai sanannu da ke sa ninki ya ragu da tsufa. Masu shan da sigari ya fi yi wa illa da yawansu sun riga sun mutu kafin su kai 75, wasu da zuciya, wasu da huhu, waɗanda suka rage zaɓaɓɓu ne. Sannan mizanin marasa sha da kansa yana hawa ƙwarai da tsufa saboda wasu dalilan, don haka ƙarin da sigari ke kawowa yana zama ƙaramin kaso na babban abu. Wannan na biyun ana iya ganinsa a jadawalin idan aka debe maimakon a raba. Rarar mutuwar masu sha a kan marasa sha, a shekarun bibiya dubu, 0.5 ce a rukunin farko, 1.3 a na biyu, 2.3 a na uku, 3.9 a na huɗu. Ninki yana sauka, yawan rayukan da ake asara yana hawa, har zuwa shekara 74. Duka biyun gaskiya ne, kuma daga mizanai guda aka fitar da su. Wanda zai yi wa matashi nasiha ninki zai duba, wanda zai tsara aikin asibiti kuma rarar ce ta dame shi.

Saura abu ɗaya da `offset` ba ya iya gyarawa, wato ingancin lambar da aka zuba a cikinsa. Lissafin yana ɗaukar shekarun bibiya a matsayin abin da aka sani babu kuskure ko kaɗan. Binciken likitocin ya yi sa'a a nan, kuma da gangan aka zaɓe su: sunayensu suna rajista, ba sa ɓacewa, ana sanin ranar da kowa ya rasu. Duk da haka akwai gurbin kuskure. Likitoci da yawa sun daina shan taba a cikin shekarun binciken, wasu ma saboda sakamakon farko da aka wallafa a 1954. Duk shekarar da mutum ya yi bayan ya daina, in aka ci gaba da zuba ta a akwatin masu sha, tana dusashe bambancin da ke tsakanin ɓangarorin biyu.

A wajenmu matsalar ta fi haka girma. Wanda zai kwatanta yawan masu kamuwa da wata cuta a ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, abin da zai saka a `offset` shi ne logaridim na yawan jama'a sau tsawon lokacin da aka yi ana ƙirga. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya a 2006 aka yi ta, duk lambar da ake amfani da ita yau hasashe ce daga waccan. Idan aka ɗora wa kowace ƙaramar hukuma saurin ƙaruwa iri ɗaya, alhali unguwannin gefen birni sun cika sun batse fiye da ƙauyuka, to jama'ar gefen birnin za ta fito ƙasa da yadda take, mizanin cutarsu kuma ya fito sama da gaskiya. In ainihin jama'ar wuri ta fi hasashe da kashi 25 cikin ɗari, mizaninsa zai kumbura da kashi 25 daidai, kuma babu wata lamba a allo da za ta yi gargaɗi. Ga kuma asibitin da ke karɓar marasa lafiya daga ƙananan hukumomi uku amma ake raba ƙirgensa da jama'ar ɗaya. Ta fuskar lokaci ma haka ne, ko da yake wannan gyaransa sauƙi gare shi: watan Maris ya fi Fabrairu mai kwana 28 tsawo da kusan kashi 11 cikin ɗari, don haka ƙirgen wata wata yana bukatar logaridim na kwanakin watan a cikin `offset`, in kuwa asibitin ya yi mako guda a rufe, kwanakin da ya buɗe ne za a saka.

Idan ana shakkar ko ƙirgen yana ninkuwa daidai da girman jama'a, ana iya kwance ɗaurin: a fitar da `log(pyears)` daga cikin `offset()`, a saka shi kamar sauran, a ga ko lambar da kwamfuta za ta ba shi tana kusa da ɗaya. Gwajin yana aiki inda ake da layuka da yawa masu girma daban daban, kamar gundumomi ɗari. A jadawalin likitocin ba zai faɗi abin kirki ba, domin layi goma ne, kuma shekarun bibiyar suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da shekarun haihuwa da shan sigari, ba yadda za a raba tasirinsu. A can dalilin ɗaure lambar a kan ɗaya daga yanayin abin yake fitowa: mutuwar likita a Glasgow da ciwon zuciya ba ta ƙara wa abokin aikinsa na Bristol haɗari, saboda haka shekarun bibiya dubu biyu suna ɗauke da ninki biyu na abin da dubu ɗaya ke ɗauke da shi.